Waiwaye: Fasfon Kawu da Imel Ɗin da Ya Tono Inda Aka Maƙale

Waɗanda suka nemi fasfon Najeriya a shekarar 2021 ba za su manta da ita ba. Takardun fasfon sun yi ƙaranci, masu nema suka taru, har a watan Mayu hukumar shige da fice ta dakatar da karɓar sababbin buƙatu na ɗan lokaci don ta rage abin da ke gabanta. Da aka dawo aiki sai aka sanar da wa'adi: mako shida ga mai neman sabon fasfo, mako uku ga mai sabuntawa. A wannan tsakanin ne kuma aka tsaurara wani sharaɗi, wato bayanan da ke cikin fasfon mutum su yi daidai da waɗanda ke kan NIN ɗinsa, lambar nan ta ɗan ƙasa mai alƙaluma 11. Mutane da yawa sun riƙe zancen mako ukun, sharaɗin kuwa ya wuce su.

Ga wanda ke zaune a gida, jinkirin fasfo ɓacin rai ne da ɗage tafiya. Ga wanda ke aiki a Saudiyya kuwa, komai nasa a jikin fasfon yake rataye. Igama, wato takardar izinin zama, ba ta sabuntuwa sai da fasfo mai rai. Idan igama ta mutu, banki na iya tsayar da asusun mutum, ga albashi a ciki amma ba halin cira, ba halin aika wa iyali. Bizar fita da dawowa ma ba ta samuwa sai fasfo na da sauran aƙalla kwana 90. Ga kuma tarar jinkirin sabunta igama: riyal 500 a karon farko, 1,000 a na biyu. Mutum ne zai wayi gari yana bin doka, ya kwana yana fargabar shingen bincike, alhali bai aikata komai ba.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya shiga wannan hali a lokacin. Direban tankar ruwa ne a wani kamfanin gine-gine, kuma garin da yake aiki na da nisan tafiya daga ofishin da ke yi wa mutanenmu aikin fasfo. Ya biya kuɗi, ya nemi izini a wurin aiki, ya je an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, aka ba shi 'yar takardar shaida ya dawo. Wata ya wuce, na biyu ya bi baya, shiru. Wani dillali da ya cike masa fom kullum amsarsa guda ce, a ƙara haƙuri, ba takarda. Kawu ya yarda da hakan domin kowa ma abin da yake faɗa ke nan, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai nasa fayil ɗin ba rashin takarda ya tsayar da shi ba, kuma da ya ci gaba da haƙurin har yau da yana nan yana jira.

Kafin maganar ta iso gare ni, wani maƙwabcinsa ya riga ya rubuta masa imel zuwa ofishin. Ya turo mini shi na karanta. Shafi guda ne cur. Ya fara da gaisuwa da addu'a ga shugabanni, ya bi da labarin shekarun da kawu ya yi yana wahala a ƙasar mutane, da yawan 'ya'yansa, da rashin lafiyar tsohuwarsa, ya rufe da roƙon a taimaka saboda Allah. Duk abin da ke ciki gaskiya ne, wanda ya san kawu ya karanta sai ya ji tausayi. Amma babu lambar tsohon fasfo, babu lambar fom, babu ranar da aka ɗauki yatsa, ko ranar haihuwarsa babu. Gurbin kanun saƙo kuwa kalmar neman taimako kawai aka sa. An kuma aika shi daga adireshin maƙwabcin, wanda sunansa daban.

Ban ga laifin wanda ya rubuta ba. Haka aka yi mana tarbiyya, ba a faɗa wa babba da buƙata kai tsaye, sai an gaisa, an yi shimfiɗa, an nuna rauni. Ido da ido wannan yana aiki, domin mai sauraronka zai katse ka ya ce, kawo takardarka mu gani. Imel ba ya katse kowa. Jami'in da ya buɗe shi yana da kwamfuta a gabansa, kwamfutar kuwa da lamba ake bincikenta. Ko da ya fi kowa tausayi, ba shi da hanyar gano fayil ɗin wani direba mai 'ya'ya da yawa a cikin tarin fayiloli masu suna iri ɗaya. Abu biyu ya rage masa: ya rubuto ya tambayi lambobin, ko ya wuce zuwa saƙon da ya zo da su. Mai aiki da yawa na biyun yake yi.

Da na ce wa kawu mu sake rubutawa, bai ji daɗi ba. Ya ce, "Ɗan nan, zuwa da kai ya fi saƙo. Gara in sake neman izini in je."

Na ce, "Gaskiya ne, Kawu. Amma in kun je aka ce muku bai fito ba, me za ku nuna wa kamfani? Maganar baki ce, a ƙofar ofishin za ta tsaya. Mu nemi su rubuto mana inda abin ya tsaya, in ya so sai ku je kuna sane da abin da ya kai ku."

A nan ne na fi son mai karatu ya tsaya. Mutanenmu kan ɗauka amfanin irin wannan wasiƙa shi ne a roƙi a yi sauri. Ni a ganina wannan ne mafi ƙarancin amfaninta. Kowa sauri yake so, jami'in ma ya san haka tun kafin a gaya masa. Tambayar da ke buɗe ƙofa ita ce: a wane mataki buƙatata ta tsaya, kuma akwai abin da ake jira daga wurina? Fasfo matakai yake bi. Akwai biyan kuɗi da tabbatar da shigarsu, akwai ɗaukar hoto da yatsa, akwai tantance bayanai da na NIN, sannan amincewa, bugawa, da miƙawa. Idan a wurin bugawa abin ya tsaya don ba takarda, haƙuri ne maganinsa. Idan kuwa a wurin tantancewa ne, haƙuri ɓata lokaci ne, domin mai fasfon ne kaɗai zai iya warwarewa, kuma ba lalle wani ya kira shi ya sanar da shi ba. Daga waje duka biyun shiru ne, ba ka iya bambancewa sai ka tambaya.

Mun fara da buɗe masa adireshin imel da sunansa kamar yadda yake a fasfo. Ofishi ba ya son ba wani mutum bayanin wani, kuma yana da hujja. Adireshin ofishin kuma ba mu karɓa daga bakin dillali ba, daga shafin ofishin muka ɗauko, muka gwada da wanda ke manne a allon sanarwarsu, wanda wani abokin aikinsa ya ɗauko mana hotonsa. Sai na sa kawu ya tattaro abu huɗu: tsohon fasfo, rasitin biyan kuɗi, takardar da aka ba shi ranar ɗaukar yatsa, da takardar NIN. Na kuma ce ya buɗe Absher, manhajar da baƙi ke duba bayanan zamansu a Saudiyya, ya karanto mini ranar da igamarsa za ta ƙare.

Wannan ranar ta ba mu tsoro. Kawu yana lissafi ne da watan bature, yana cewa bara a wata kaza aka sabunta, saboda haka yana da sauran lokaci. Igamarsa kuwa da kalandar Hijira take tafiya, shekarar Hijira kuma ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11. Wanda ya shekara biyar yana wannan lissafin ya yi kuskuren kusan wata biyu. Shi ya sa a wasiƙar muka rubuta ranar da kalanda biyun, don kada wanda zai karanta a can ko a Abuja ya yi nasa kuskuren.

Da Turanci muka aika, tunda shi ne harshen aikin ofishin, amma sai da muka tsara shi da Hausa kawu ya amince da kowane layi. A gurbin Subject muka sa: jinkirin sabunta fasfo, cikakken suna, lambar fom, da ranar ƙarewar igama. Jikin saƙon kuma ga yadda ya kasance, na cire sunaye da lambobi:

"Zuwa ga jami'in sashen fasfo. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan alheri.

Sunana wane, an haife ni ranar kaza. Lambar tsohon fasfona kaza, lambar fom ɗina kaza, NIN ɗina kaza. Na biya kuɗin sabuntawa ranar kaza, an ɗauki hotona da yatsuna a ofishinku ranar kaza. Zuwa yau ban sami sanarwar fitowar fasfon ba.

Igamata za ta ƙare ranar kaza ta Hijira, wadda ta yi daidai da ranar kaza ta Miladiyya. Kamfanin da nake wa aiki ya sanar da ni ba zai iya sabunta ta ba sai da sabon fasfo.

Ina roƙon a sanar da ni matakin da buƙatata take, da kuma ko akwai wata takarda ko gyara da ake jira daga gare ni. Idan fasfon ba zai fito kafin ranar da na ambata ba, ina roƙon a ba ni takardar shaida cewa ina kan sabuntawa, domin in nuna wa kamfanin.

Na haɗa da kwafin shafin bayanan tsohon fasfo, rasitin biya, takardar ɗaukar yatsa da takardar NIN. Lambar wayata kaza. Na gode."

Shi ke nan. Kawu ya ce ya yi gajarta, kamar ba mai neman alfarma ba. Na ce masa ladabin yana nan, ga gaisuwa ga roƙo ga godiya, abin da muka cire shi ne abin da jami'in ba zai iya yin komai a kansa ba. Rashin lafiyar tsohuwa gaskiya ce, amma ba ita ce hujjar gaggawa a wannan fayil ba. Hujjar ita ce ranar igama, domin rana ce da kowa zai iya dubawa, kuma kowane ma'aikacin ofishin jakadanci a ƙasar ya san abin da ke biyo bayanta. Ba mu zargi kowa ba, ba mu ambaci dillalin ba, ba mu yi barazanar kai ƙara ko yaɗawa a duniya ba. Wanda aka fara zarga kare kansa zai tsaya yi, fayil ɗinka na gefe.

Buƙata ta biyun, ta takardar shaida, da gangan muka sa ta. Jami'in da ke karanta saƙonka wataƙila ba shi da iko a kan injin buga fasfo, amma yana da iko a kan amsa mai layi uku. Idan abin da ya fi ƙarfinsa kaɗai ka nema, sai ya yi shiru. In ka haɗa da abin da zai iya, ka ba shi hanyar taimaka maka. Ba kowane ofishi ke ba da irin wannan takarda ba, amma ko amsar imel ɗin kanta shaida ce.

Takardun huɗu mun haɗa su cikin PDF guda, a jere yadda aka ambace su, kowace lamba tana karantuwa. Hotuna barkatai da aka ɗauka a kan katifa da dare, rabi inuwa rabi yatsa, su ma suna sa a ajiye saƙo. Ranar aikawa ma mun duba. Tun 2013 hutun mako a Saudiyya Juma'a da Asabar ne, a Najeriya kuwa Asabar da Lahadi. Ke nan ranakun da ofishin can da Abuja ke aiki tare huɗu ne kacal, Litinin zuwa Alhamis, ga kuma tazarar awa biyu tsakaninsu. Saƙon da aka aika Alhamis da yamma zai kwana uku sababbi na hawa kansa. Mun aika Litinin da safe.

Amsa ba ta zo nan take ba. Da mako ya zagayo muka sake tuntuɓa, kuma ba sabon saƙo muka buɗe ba. Reply muka danna a kan na farkon, don duk bayanin ya biyo shi, muka ƙara layi biyu: ana tunatarwa, kuma ranar igama ta ƙara matsowa. Amsar da ta zo bayan haka gajeriya ce. Ta ce bayanan mai nema ba su dace da na NIN ba, ya gyara ya sanar.

Sai muka jera takardun biyu muka duba harafi bayan harafi. A tsohon fasfo sunansa na farko Mohammed ne, a NIN kuwa Muhammad. A fasfo akwai sunan garinsu a matsayin suna na uku, kamar yadda yawancinmu muka yi tun daga makarantar firamare, a NIN babu shi. Lokacin da ya zo hutu gida ya yi rajistar NIN, baki aka tambaye shi ya faɗa, mai bugawa ya rubuta yadda ya saba, shi kuma ya ninke takardar ya sa a aljihu. A wurinmu duk sunan Manzon Allah ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ta yaya aka rubuta. Na'ura kuwa mutum biyu take gani. Wannan matsala ta fi kama mutanenmu saboda yadda sunayenmu suke: Abubakar da Bukar, A'isha da Aishatu, sunan uba a gaba a wata takarda, a baya a wata, ga ranar haihuwa da aka ƙiyasta a wuri biyu ba a tuna abin da aka faɗa a farko ba.

Hanya biyu ce a gabansa, ya gyara NIN ta bi fasfo, ko ya sauya bayanan fasfo su bi NIN. Ta farkon muka zaɓa, kuma ita nake ba duk mai igama shawara muddin sunan da ke fasfon daidai ne. Dalili shi ne igamarsa, lasisin tuƙinsa, asusun bankinsa da kwantiraginsa duk a kan sunan tsohon fasfo aka gina su. Ya sauya suna a fasfo, ya ɓallo wa kansa gyara a kowane ɗaya daga cikinsu, ga shi sauya bayanan fasfo sai da amincewar hedikwata. Gyaran NIN aikin hukumar NIMC ne, ba na ofishin jakadanci ba, kuma bayan an gyara akan ɗauki ɗan lokaci kafin sabon bayanin ya bayyana a ɓangaren masu fasfo. Da sabuwar takardar ta fito muka sake danna Reply a kan zaren nan, muka manna ta.

Imel ɗin bai ceci ranar ba. Igamar ta mutu kafin fasfon ya iso, asusunsa ya tsaya na ɗan lokaci, iyalinsa suka ci bashi a wannan watan. Watannin da aka ɓatar ana jiran takarda ba su dawo ba. Amma amsar nan mai layi biyu ta yi masa wani aikin. Dokar ƙwadago ta Saudiyya, a sashe na 40, ta ɗora wa mai ɗaukar aiki kuɗin igama da na sabunta ta da tarar jinkirinta. Duk da haka akan sami kamfanin da zai zare tarar daga albashi da hujjar cewa sakacin ma'aikaci ne. Kawu ya buga zaren saƙonnin a takarda ya kai wa wakilin kamfanin da ke bin harkokin Jawazat, wato hukumar fasfo da igama ta Saudiyya, ga ranar biya, ga ranar ɗaukar yatsa, ga amsar ofishi. Ba a taɓa albashinsa ba. Da fasfon ya zo kuma sai da aka mayar da bayanansa daga tsohon zuwa sabon a tsarin Jawazat kafin a sabunta igamar. Wannan matakin mutane kan manta da shi, su ɗauka karɓar fasfo ne ƙarshen aiki.

Akwai inda irin wannan wasiƙa ba ta da tasiri. Ba ta buga fasfo idan babu takarda, kuma akwai akwatin imel da ba mai buɗewa. In an tuntuɓa sau biyu ko uku shiru, sai a haɗa da zuwa da kai, a riƙe kwafin saƙon a hannu, ko a tura zaren ga hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna waje, NiDCOM. Wanda kuma gida yake son komawa gaba ɗaya, ya faɗi hakan a fili ya tambayi takardar tafiya ta gaggawa, wadda ta dawowa ce kawai, ba a komawa da ita. Ga kuma hatsarin da ke bin masu jira. Da zarar an san kana cikin matsi, sai a kira ka da sunan ofishi, a ce ka tura kuɗi wani asusu a fito maka da shi gobe, ko ka karanto lambar da ta shigo wayarka. Ofishin gwamnati ba ya karɓar kuɗin fasfo ta asusun wani mutum, banki kuma ba ya tambayar PIN ko OTP ta imel ko ta waya.

Tsarin da muka bi shi ne dai na banki, ga wanda ke jiran takardar bayanin asusu ko katin da ya maƙale: suna yadda yake a asusun, lambar ƙorafi in an bayar, ranar da aka nema, ranar da ake buƙata da dalilinta, sannan tambayar inda aka tsaya.

Yanzu tsarin neman fasfo ya sauya, shafin kan janyo bayanan mutum daga NIN tun daga farko, saboda haka saɓanin kan fito da wuri. Amma fitowa da wuri ba gyaruwa ba ce, gyaran na nan da cin lokacinsa. Ɗan'uwa da ke aiki a Makka, Jidda, Riyad ko wani gari, da ke 'yar'uwa da ke aikin gida ba ki da ranar fita, ku ɗauko fasfo da takardar NIN ku jera su, ku duba suna da ranar haihuwa harafi bayan harafi, ku duba ranar igama a Absher. In fasfon saura wata shida, ku fara neman sabuntawa yanzu. Ku kuma da Allah ya ba ilimin boko a cikinsu, in an kawo muku irin wannan wasiƙa, ku tambayi lambobin kafin ku fara rubutu.